Haruffan Yukren huɗu da babu su a Rashanci, da yadda ake furta su

Tambaya: "Salam malam. Na iya karanta Rashanci sosai, amma da na buɗe rubutun Yukren sai na riƙa cin karo da і da ї da є da ґ. Ya ake furta su? Kuma in na haddace su huɗun nan shikenan na iya karatu?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Amsar ta biyun tukuna: a'a, ba shikenan ba. Su huɗun nan a zama ɗaya za ka haddace su, aikin yana wajen wasu haruffa uku da ka riga ka sani tun daga Rashanci, wato и da е da г, waɗanda a Yukren kamanninsu na nan yadda ka san su amma sautinsu ya canja. Kuma dalilin da ya sa aka buƙaci sababbin ma kenan, tunda tsofaffin sun tafi wani sautin dole a samo abin da zai riƙe wanda suka bari. Don haka kar ka koye su ɗaiɗai, ka koye su bibbiyu: і tare da и, є tare da е, ґ tare da г. Ita ї ce kawai ke tsaye ita kaɗai.

Haruffan Yukren 33 ne, na Rashanci ma 33. Yukren na da ґ є і ї, Rashanci kuma na da ё ъ ы э waɗanda ba za ka taɓa gani a rubutun Yukren ba. Wannan ma hanya ce mai sauƙi ta gane yaren da ke gabanka, da ka hango ї ko є to Yukren ce. Amma і kaɗai ba ta isa hujja ba don harshen Belarus ma na da ita, kuma Rashancin kansa yana da ita a da, sai a gyaran rubutu na 1917 zuwa 1918 aka cire ta.

Bari mu fara da і da и don nan ne mutane suka fi zamewa. І ta Yukren ita ce и ɗin da ka sani a Rashanci, "i" ce tsantsa irin wadda ke ƙarshen kalmarmu ta "kifi", kuma tana tausasa baƙin da ya zo kafinta, ma'ana tsakiyar harshe na ɗagawa sama yayin furta baƙin kamar yadda muke yi a ky ta "kyau" da gy ta "gyara". To ita kuma и ta Yukren ba ta tausasa komai, baƙin da ke gabanta a tsaye yake da taurinsa, sautinta kuma yana tsakanin "i" da "e". Masu zuwa daga Rashanci da an ce musu haka sai su ce ai ы ce kenan, sai su riƙa jan harshe can baya suna fitar da ita da nauyi. Ta fi kusa da ы a kan и, wannan gaskiya ne, kuma in ka furta ы za a gane ka, amma ba ita ba ce, ta Yukren ta fi matsowa gaba a baki kuma ta fi sauƙi. Mu Hausawa ma mun samu rangwame a nan, gajeriyar "i" ɗinmu wadda ba ma ja, kamar ta farkon "gida" ko "bindiga" in ana magana da sauri, ta kusa da ita sosai, sai dai ka ɗan ƙara buɗe baki kaɗan.

Ga dalilin da ya sa ba abin wasa ba ne. Кіт kyanwa ce, кит kuma katon kifin nan na teku. A Rashanci кит da ake furtawa "kit" shi ne na tekun, to in ka ɗauko wannan furucin ka kawo Yukren kunnensu kyanwa zai ji. Дім gida ne, дим hayaƙi. Ліс daji, лис dila irin ta ƙasarsu. Бік gefe, бик bijimi. Рік shekara, рик ruri. Duk bambancin wasali ɗaya ne da kuma taushi ko taurin baƙin farko, kuma shawarata ka fi mai da hankali kan baƙin, in д ɗinka a дім ta yi taushi, ta дим kuma ta tsaya da tauri, wasalin da kansa zai faɗa inda ya dace.

Yanzu ga abin da zai fi yi maka amfani tunda kana da Rashanci a hannu, shi ne ka san daga ina wannan і take fitowa, don ba barbaɗa ta aka yi haka kawai ba. Hanyoyi biyu ne manya. Ta farko, akwai wani tsohon harafi ѣ da ake kira yat, a Rashanci sautinsa ya koma е, a Yukren ya koma і. Shi ya sa хлеб ya zama хліб, лес ya zama ліс, снег ya zama сніг, лето ya zama літо. Irin wannan і ba ta motsi duk yadda ka juya kalmar, хліб хліба, ліс лісу, сніг снігу. Ta biyun kuma ita ta fi ban sha'awa: tsohuwar о ko е in ta samu kanta a gaɓar da baƙi ya rufe sai ta koma і, in gaɓar ta buɗe sai ta dawo asalinta. Kalli кіт, a Rashanci кот ne, to in za ka ce "babu kyanwa" sai ka ce немає кота, о ta dawo. Haka ніч da ночі (dare), стіл da стола (tebur), піч da печі (murhu), сім da семи (bakwai). Sunayen garuruwa ma haka ne, Харків amma до Харкова, Львів amma до Львова. Ɗalibanmu da suka yi karatun likita a Kharkiv da Sumy da Vinnytsia da Ternopil sun sha ganin wannan a allon tashar jirgin ƙasa da tikiti, gari ɗaya rubutu biyu. In ka riƙe waɗannan hanyoyi biyun, kalmomi masu yawan gaske da kake ganin baƙi ne za ka gane ashe ka san su. Sai dai ka yi hattara da irin місто, da ka mayar da і zuwa е sai ka samu место ka ce "wuri", alhali a Yukren ma'anarta birni, wuri kuma місце ne.

A farkon kalma kusan kullum і ake rubutawa, Іван, ім'я, історія, kuma "da" ɗin da Rashanci ke rubutawa и a nan і ce (ko й, ko та). A kalmomin aro kuma akwai wata ƙa'ida da yaran makaranta ke kira ƙa'idar tara: bayan baƙaƙe tara, д т з с ц ч ш ж р, in baƙi ne ke biye, и ake sawa, bayan sauran kuma і. Kalmar фізика ta nuna maka duka biyun a wuri guda, фі da і saboda ф ba ta cikin taran, зи da и saboda з na ciki. Haka політика, лі amma ти. Директор, система, режим duk da и, кіно da бізнес da і. Wannan na gama-garin kalmomi ne, sunayen mutane da na wurare suna da nasu togaciyar, ka bar su sai gaba.

Sai є da е. Nan lissafin a fili yake, е ta Yukren ita ce э ta Rashanci, "e" zalla ba tausasawa, ita kuma є ita ce е ta Rashanci. A farkon kalma ko bayan wasali є "ye" ce kamar a "yekuwa": Європа, єдиний, знає, читає, моє, kuma ita kaɗai ma kalma ce, є na nufin "akwai", daidai da есть. Bayan baƙi kuma sai "y" ɗin ta ɓace ta bar taushi a jikin baƙin, kamar синє da останнє, amma irin wannan ba shi da yawa. Abin da ke da yawa shi ne е mai tauri, kuma a nan bakin mai Rashanci ke tona masa asiri, don ya saba da "nye" da "dye" da "tye". Не a Yukren "ne" ce kamar "ne" ɗinmu ta "shi ne", небо "nebo", день kuma д ɗin da tauri, нь ta ƙarshe ce kaɗai mai taushi, тепер "teper" ba taushi ko ɗaya har р ɗin ƙarshe. In kana so ka gwada kanka ka naɗi muryarka a waya kana karanta не, день, село, земля, ka saurara, in ka ji wata 'yar "y" na leƙowa bayan baƙin farko to har yanzu Rashanci kake yi. Abu ɗaya da zan ƙara, е da и in ba a kansu nauyin kalma ya faɗa ba sukan matso kusa da juna har su ɗan yi kama, shi ya sa yaran Yukren kansu ke kuskuren rubuta su, amma kusantar kaɗan ce, ba irin cinye wasalin da Rashanci ke yi ba. О kuwa ba ta canjawa zuwa "a" sam, молоко "moloko" ne yadda aka rubuta.

Ї ita ta fi kowanne sauƙi a wajen Bahaushe, "yi" ce, kalmarmu ta "yi" ɗin nan ta "ya yi". Kullum sauti biyu ne, y da i, ba ta da wata fuska ta biyu kamar є, ba ta taɓa tausasa baƙi. Shi ya sa wuraren da take zama ƙididdigaggu ne: farkon kalma kamar їжа (abinci), їхати (tafiya a abin hawa), їжак (bushiya), ko bayan wasali kamar мої, країна, Україна, ko bayan alamar ' kamar з'їзд. Україна gaɓa huɗu ce, u-kra-yi-na, nauyin na kan "yi", kuma "y" ɗin sai an ji ta, kar ka haɗiye ta ka ce "ukraina" a dunƙule. Її kuma, wato "nata", "yiyi" ce da nauyi a ta biyun.

Sunan babban birnin ya tara kusan duk abin da na faɗa. Київ: к mai tauri, sai и ɗin nan ta tsakanin i da e kuma a kanta nauyi yake, sai "yi", sai в wadda a ƙarshen kalma ba ta komawa "f" kamar a Rashanci, tana fita ne kusa da "w". In ka juya shi kuma ka ce "zuwa Kyiv" sai ya zama до Києва, ka ga ї ta koma є, dokar nan ce dai ta ніч da ночі da піч da печі, gaɓa ta buɗe tsohon wasali ya dawo, kawai dai akwai "y" a gabansa.

Tunda na ambaci alamar ', ba a lissafa ta cikin haruffa 33 amma dole ka san ta. Ba hamzar da muke yi a "sa'a" ko "jama'a" ba ce, ba a tsayar da numfashi a maƙogwaro. Aikinta irin na ъ ne, tana gaya maka baƙin nan da tauri yake kuma я ю є ї da ke biye a furta su cikakku da "y" ɗinsu. Galibi bayan б п в м ф р take zuwa. Мясо na Rashanci м ɗin mai taushi ce, м'ясо na Yukren kuwa "m" sannan "yaso". Haka п'ять, сім'я, об'єкт, комп'ютер. Ita kuma ё da babu, йо ake rubutawa in "yo" ce cikakkiya kamar його, ьо kuma in taushi ne kamar сьогодні.

To sai ґ da г, kuma a nan ne zan ce ka ba da lokaci. Ґ, mai ɗan ƙugiya a sama, ita ce "g" ta "gida" da "goro", wato г ɗin Rashanci. Kalmomin da ke ɗauke da ita kaɗan ne ƙwarai, kana iya karanta shafi guda ba ka gamu da ita ba: ґанок (barandar ƙofar gida), ґудзик (maɓallin riga), ґрунт (ƙasar noma), ґава (hankaka), дзиґа (katantanwar wasan yara), аґрус (wani ɗan itace). Tana da tarihi mai ɗaci, tana cikin nahawun Meletiy Smotrytskyi na 1619, tana cikin tsarin rubutun Kharkiv na 1928, sai a 1933 hukumomin Sobiyet suka cire ta daga haruffa, ba ta dawo a hukumance ba sai 1990. Shekara kusan sittin ana buga littattafai ba ita, shi ya sa har yau za ka ga tsofaffin littattafai sun rubuta ганок da гудзик, kuma wasu mutanen ma haka suke furtawa. Amma tana raba ma'ana: грати wasa ne ko kaɗa kayan kiɗa, ґрати kuma ƙarafan tagar kurkuku, гніт danniya, ґніт lagwanin fitila.

Ita г ta yau da kullum, wadda ke ko'ina, "h" ce amma mai murya. Namu "h" na "hannu" iska ce kawai ke fita, wannan kuwa iskar na fita ne maƙogwaro na kaɗawa. Ga yadda nake koyar da ita: ka ɗora yatsu biyu a maƙogwaronka ka ce "aaa", za ka ji yana rawa, to ka ci gaba da "aaa" ɗin ka saki iska ta "h" a tsakiya ba tare da rawar nan ta tsaya ba, "aha". In rawar ta yanke lokacin h to tamu ka yi, in ta zarce ka samu. Ka ma taɓa jin irinta a Rashanci a ага da угу. Daga nan sai ka gwada нога, дорога, книга inda take tsakanin wasula, in sun zauna sannan ka koma farkon kalma, гора, голова, гарно. Kurakurai biyu nake yawan ji. Wanda ya yi karatun allo yakan kai ta ga غ, yana gurza ta a bayan harshe, wannan ta fi kama da ta kudancin Rasha da Belarus, ta Yukren ta fi ƙasa kuma ba gurzawa, ta fi kusa da ه. Na biyu kuma shi ne mayar da ita х, wannan shi ya fi muni don голод yunwa ce холод kuma sanyi. Gara ka yi "h" ɗinmu ta Hausa zalla da ka yi х. A ƙarshen kalma ma muryarta ba ta mutuwa, снег na Rashanci "k" ake ji a ƙarshe, сніг kuwa h mai murya ce har ƙarshe, kamar yadda б ta хліб da дуб ke zama "b". 'Yan kalmomi ne kawai irin легко da нігті ake furta ta kamar х. Kuma його da нового "yoho" ne da "novoho", wancan "v" da Rashanci ke sawa a его babu shi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye a wajen sunaye. Ƙasarmu Нігерія ake rubuta ta, don haka "Niheriya" za ka ji suna cewa, Нігер "Niher", Гана kuma "Hana". Mai suna Garba in aka rubuta masa Гарба to Harba za a kira shi, sai da Ґ zai fito daidai. Tsarin rubutun 2019 ya yarda a sunayen mutanen waje a yi amfani da kowanne, Гете ko Ґете. A ɗaya ɓangaren kuma tsarin mayar da rubutu zuwa boko da gwamnatinsu ta kafa a 2010, wanda ake bi a fasfo da allunan hanya, yana ba г harafin h, ґ harafin g, и harafin y, і harafin i. Shi ya sa kake ganin Oleh da Ihor da Olha inda Rashanci zai ba ka Oleg da Igor da Olga, kuma H ɗin da ke UAH, gajeren sunan kuɗinsu, ta гривня ce. Є Ye ce a farkon kalma ie a ciki, ї kuma Yi a farko i a ciki, daga nan Kyiv ya fito, y ɗin и ce, i ɗin kuma ї.

Bari mu karanta jimla ɗaya tare: Її син знає, де ґудзик і голка, wato ɗanta ya san inda maɓalli da allura suke. Її "yiyi". Син с mai tauri da gajeriyar и, kusan сын ɗin da ka sani amma ka sassauta. Знає "znaye", kuma ka lura babu т ɗin знает. Де "de" tsaf ba "dye" ba. Ґудзик "g" ta gaske, дз kuma a haɗe ake furta su sauti guda, nauyi a kan "gu". І "i". Голка h mai murya, nauyi a kan "ho". Mai zuwa daga Rashanci yawanci zai ci її da знає da ґудзик ba matsala, wato sababbin haruffan, sai ya faɗi a син da де da голка inda babu sabon harafi ko ɗaya. In ka naɗi kanka, waɗannan ukun za ka saurara.

Maganar rubutawa kuma, ka saka kibod ɗin Yukren na gaske a waya ko kwamfuta. A kwamfuta і na inda ы take, є na inda э take, ї na inda ъ take, ґ kuma a Windows in ka zaɓi `Ukrainian (Enhanced)` sai ka danna `AltGr` tare da г, a waya kuwa yawanci ka danne г ka riƙe za ta fito. Kar ka ari i ta boko ka cusa cikin kalma don ka ga kamarsu ɗaya, a ido ɗaya ne amma a wajen na'ura daban suke, ta Yukren `U+0456` ce ta boko `U+0069`, haka ї `U+0457` ce ba ï ta Faransanci ba. In ka gauraya su ƙamus ba zai samo maka kalmar ba, kuma in fom kake cikewa sunan da ka rubuta ba zai dace da wanda ke cikin rajista ba ko da a ido babu bambanci.